Mai Aikin Dare, Ranarka Ba Duka Taka Ba Ce

Ƙannena samari, akwai maganar da ake yawan faɗa wa wanda ya samu aikin gadi ko dutin dare a kamfani: "Ai ka huta, dare na oga, rana taka." Da yawanku ma wannan lissafin ne ya sa kuka karɓi aikin. Albashin bai taka kara ya karya ba, to sai mutum ya ce zai cike giɓin da rana, ya ja Adaidaita Sahu, ko ya bi magina, ko ya shiga kasuwa. Niyyar mai kyau ce, kuma ba wanda zai ga laifin mai ita. Tun watan Yulin 2024 doka ta sa mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya zama naira 70,000, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, shi ya sa masu gadin gidaje da shaguna da yawa ba sa ganin wannan kuɗin. Wanda ma yake samunsa ya san bai isa ya riƙe gida ba. Don haka neman ƙari da rana dole ne ga mafi yawanku.

Abin da nake so ku gane shi ne, ranar mai aikin dare ba fili ba ce da babu mai shi. Barci yana da haƙƙi a cikinta, kuma shi ne na farko a layi. Abin da ya rage bayan an ba shi nasa, shi ne jarinka na lokaci. Wanda ya san yawan wannan jarin ya zaɓi sana'ar da ta dace da shi, zai ƙaru. Wanda ya ɗauka yana da wuni guda cur, yakan rasa aikin daren da na ranar, wani lokacin har da lafiyarsa.

Fara da ƙirga awanninka

Ɗauki mai gadin da yake karɓar aiki ƙarfe 6 na yamma ya miƙa ƙarfe 6 na safe. Awa 12 ke nan sun tafi. Idan yana zaune a Rijiyar Lemo ko Kurna, aikin kuma yana Sharaɗa ko Challawa, zuwa da dawowa za su ci masa kusan awa 2. Saura awa 10. Likitoci sun yi ittifaƙi cewa baligi yana buƙatar barcin aƙalla awa 7 a cikin kowace awa 24, ko da dare ya yi shi ko da rana. Saura awa 3. A cikinsu zai yi wanka, ya ci abinci, ya yi Azahar da La'asar, ya gaisa da iyali. Idan an yi masa adalci, abin da ya rage masa na neman kuɗi awa 2 ne.

Ma'aikacin kamfanin da dutinsa awa 8 ne, daga 10 na dare zuwa 6 na safe, ya fi shi sarari. Bayan an cire aiki da hanya da barci, yana da awa 7, idan ya ware 2 don hidimar kansa da gida, zai iya ba sana'a awa 4 zuwa 5. Amma kamfanoni da yawa a Bompai da Sharaɗa karɓa-karɓa ake yi, wannan makon kana safe, na gaba kana rana, na gaba kana dare, wasu kuma dutin awa 12 suke yi kamar na masu gadi. Mai irin wannan aikin ba zai iya yi wa abokin ciniki alkawarin samunsa a lokaci guda kullum ba.

Kafin ka tambayi kowa wace sana'a ce take kawo kuɗi, zauna da biro da takarda ka yi wannan ƙirgar da naka awannin. Amsar da ta fito ita za ta zaɓa maka sana'a. Mai awa 2 da mai awa 5 ba hanyarsu ɗaya ba.

Dalilin da ya sa barci ba ya yafewa

Za ka ji wani yana cewa shi ya saba, awa 3 ta ishe shi. Abin da ya saba da shi jin gajiya ne, har ya daina lura da ita. Jikin ɗan Adam yana da agogonsa da ke bin hasken rana. Tsakanin ƙarfe 3 zuwa 5 na asuba jiki yake kai wa ƙarshen sanyinsa, a nan ne ido yake fin nauyi. Da hantsi kuwa agogon yana tayar da mutum ko da bai runtsa ba, shi ya sa za ka sauko daga aiki ka ji garau, ka ɗauka barcin ya wuce. Bai wuce ba, jira yake yi. Wannan agogon ne kuma yake sa barcin rana ya fi na dare gajarta da saurin yankewa, ko da ɗaki shiru ne.

Barcin da ka hana jikinka bashi ne, kuma mai bin wannan bashin ba ya sallama idan zai shigo. Yana zuwa ne a gyangyaɗin daƙiƙa biyu ko uku, wani lokacin ido a buɗe, mutum bai ma san ya tafi ba. Idan kana zaune a kan benci, ba komai. Idan kana riƙe da kan Adaidaita kana gudun kilomita 40 a awa, kowace daƙiƙa kana cin mita 11 ne. Daƙiƙa uku, mita 33 ke nan babu direba a cikin keken, ga fasinja huɗu a baya.

A shekarar 1997 wasu masu bincike a Ostareliya sun gwada mutanen da aka hana barci da waɗanda aka ba giya. Sun samu cewa wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, saurin hankalinsa da daidaiton hannunsa sun ragu kamar na wanda ya sha giya har ya kai iyakar da dokar ƙasashe da yawa ta hana tuƙi. Yanzu lissafa da kanka. Idan ka tashi daga barci ƙarfe 4 na yamma ka tafi gadi, ƙarfe 9 na safe ka cika awa 17. Kai da ba ka taɓa kai giya bakinka ba, da hantsi kana kan titi da hankali irin na mashayi.

Misali guda, hanyoyi biyu

A ce ga wani matashi mai gadin sito, dutin awa 12, albashinsa naira 60,000. Waɗannan kuɗaɗen na misali ne, kai ka sa na wurinka da na lokacinka.

Hanya ta farko: wani maƙwabcinsa ya ba shi Adaidaita ya riƙa ja daga 7 na safe zuwa 1 na rana. A ce yana haɗa naira 12,000 a wannan lokacin. Mai ya ci 5,000, balas ɗin mai keke 4,000, tikiti da faci da sauran 'yan ƙananan abubuwa 500. Ya tashi da 2,500. Idan ya yi kwana 24 a wata, ya samu 60,000, wato ya ninka albashinsa. Wa zai ƙi? Amma duba abin da ya biya. Sai ya miƙa keke, ya yi sallah, ya ci abinci, ƙarfe 2 ta yi. Ƙarfe 5 kuma dole ya kama hanya. Barcinsa bai wuce awa 3 ba, kuma a lokacin da rana ta fi zafi. Kowace rana ana binsa awa 4. Kafin mako ya ƙare, bashin ya fi barcin dare uku.

Wannan bashin wuri biyu kawai zai iya biyansa: ko a kan titi, ko a bakin get. Idan a kan titi ne, karo guda da motar wani ya isa ya cinye ribar wata biyu tsakanin gyaran motar, gilashin keke da zirga-zirgar ofishin 'yan sanda, wannan idan Allah ya tsare ba a ji wa kowa ciwo ba. Idan a bakin get ne, to ya koma mai karɓar albashin gadi yana barci. Ranar da aka fasa sito, shi za a fara kamawa, sannan a nemo dattijon da ya tsaya masa aka ɗauke shi aiki. Ka ga ya jawo wa kansa, ya jawo wa wanda ya yi masa rana.

Akwai darasi a cikin lissafin nan da mutane ba sa lura da shi. Idan rabin wuni a kan keke yana kawo abin da ya kai albashin gadi, to maganar ba ta haɗa su ba ce. Ya ajiye gadin, ya ja keke wuni guda, ya kwana a gidansa. Taura biyu ba ta taunuwa.

Hanya ta biyu: ya shiga adashin naira 10,000 a wata da abokan aikinsa su goma, ranar da ya kwasa ya samu 100,000. Ya kafa teburin kayan masarufi a ƙofar gida: sukari, ganyen shayi, madarar ƙulli, magi, omo, sabulu, ashana, taliya, biskit. Ƙaninsa ko maiɗakinsa ke zama a kai. Nasa aikin biyu ne kawai, saro kaya da lissafi. Sau biyu a mako, bayan Azahar, ya shiga kasuwar Singa ya saro abin da ya ƙare, ya dawo kafin La'asar. Sauran ranakun ya zauna a teburin na awa guda, mai tsaron ya huta, shi kuma ya ga abin da ake nema da abin da ya kwanta.

A ce ana cinikin 15,000 a rana, ribar kuma naira 10 ce a cikin kowace 100. Ribar rana 1,500, ta wata 45,000. Ya ba mai tsaro kashi ɗaya cikin uku, 15,000, domin wanda ba a ba shi rabonsa a fili ba zai ɗauka a ɓoye. Kuɗin mota zuwa kasuwa sau takwas, 4,000. Ya tashi da 26,000. Bai kai rabin kuɗin keke ba, gaskiya ne. Amma ya yi barcinsa cikakke, aikinsa na dare yana nan, kuma teburin yana ciniki a lokacin da shi yake kwance. Idan ya riƙa mayar da rabin ribar cikin jari, kafin shekara ta zagayo jarin ya ninka har da ɗoriya.

Ita ma wannan hanyar tana da inda take mutuwa, kuma wuri biyu ne: bashi da cin gida. Maƙwabta za su karɓa "zuwa anjima", gida kuma zai riƙa ɗaukar magi da sukari ba a rubutawa. Tunda kai kana barci lokacin da ake yin wannan, ba za ka gani da ido ba, sai da lissafi. Ware rana ɗaya a mako, ka ƙirga kuɗin da ke hannu, ka ƙirga kayan da suka rage a kan farashin da ka saro su, ka haɗa. Kada ka sa bashin da ke waje a ciki, rubuta shi gefe. Idan jimlar ta gaza ta makon jiya alhali ana ciniki, to ana cin uwar kuɗi. Idan bashin da ke waje ya haura kashi ɗaya cikin goma na jari, a rufe littafin bashi sai an biya. Abin da gida ya ɗauka kuma a biya shi daga albashi kamar yadda baƙo zai biya.

Yadda za ka auna kowace sana'a

Ba lallai sai tebur ba. Duk sana'ar da aka kawo maka, yi mata tambaya uku. Ta farko: idan na yi gyangyaɗin daƙiƙa uku a cikinta, me zai faru? Idan amsar ita ce jini ko karaya, bar ta. Tuƙi, hawa gini, walda, aikin wutar lantarki, injin niƙa da injin yankan katako duk suna nan. Ta biyu: za ta iya tafiya idan ba na wurin? Ta uku: lokacinta ya faɗo a cikin awannin da na ware, ko sai ta ci na barci? Aski, alal misali, sana'a ce mai kyau, amma kasuwarsa da yamma take zuwa dare, daidai lokacin da kake kama hanyar aiki.

Kiwo yana cin wannan jarrabawar. Rago biyu da aka ɗaure wata uku kafin Babbar Sallah ba sa buƙatar fiye da a ba su dusa da harawa da ruwa in ka dawo da safe, a sake ba su kafin ka fita da yamma, a share wurinsu, a ba su maganin tsutsa tun farkon ɗauri. Sai dai ka lissafa kuɗin abincin wata ukun tun kafin ka saya, domin a nan ribar take ɓacewa, kuma ka tuna kuɗinka ba zai dawo ba sai lokacin Layya.

Abokan aikinka ma kasuwa ce. Mutanen da ke kwana a kamfani suna buƙatar burodi, ƙuli-ƙuli, katin waya da data, kuma shagunan waje a rufe suke. Idan shugabanninka sun yarda, kana iya zuwa da su ka sayar lokacin hutu. Amma yawancin cinikin bashi ne zuwa ƙarshen wata, don haka kada ka ba mutum abin da ya wuce abin da zai iya biya ranar albashi ba tare da rigima ba. Idan kuma kamfaninku yana sayar wa ma'aikata kayan da suka samu tangarɗa a farashi mai sauƙi, kamar bokitai da robobi, saya ka kai unguwa, amma kada ka fita da ko cokali ba tare da rasit da takardar fita get ba. Kaya marar takarda a hannun ma'aikacin dare sunansa sata, ko da kuɗinsa ya saya.

Wanda kuma bai da iyali tukuna, albashin yana ɗan isarsa, shawarata gare shi ita ce ya sayi ilimi da awanninsa biyu maimakon kuɗi. Ya samu mai gyaran waya a Farm Centre ko tela a unguwa, ya gaya masa gaskiya tun farko cewa daga bayan Azahar zuwa La'asar kawai zai riƙa zuwa. Zai fi sauran yaran shago daɗewa kafin a yaye shi, amma ranar da ya iya, ya samu abin da zai raba shi da kwanan waje.

Yadda ake kare barcin rana

Ga mai dutin awa 12, tsarin da ya fi dacewa shi ne babban barci da safe, ƙarami da yamma. Ka iso gida ƙarfe 7, ka ci abu marar nauyi, koko da ƙosai ya isa, ka watsa ruwa, ka kwanta kafin 7:30. Kada ka tsaya hira a majalisa, kada ka buɗe waya, domin idan hantsi ya ɗaga barcin zai yi maka wuya. Ka yi ta yi har zuwa kiran Azahar, ka samu awa 5 da rabi zuwa 6. Bayan sallah da abinci sai sana'a. Bayan La'asar, idan da hali, ka ƙara kishingiɗa na minti 30 zuwa awa ɗaya kafin ka fita. Wannan ɗan barcin na yamma shi ne yake riƙe ka a tsakiyar dare. Ka bar wa kanka kamar minti 20 bayan ka farka kafin ka hau babur ko keke, domin mai tashi daga barci kansa ba ya washewa nan take.

Akwai dalilin da ya sa na ce safe. A watannin Maris da Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40, ɗakin kwano kuwa daga ƙarfe 1 na rana ba ya kwantuwa, balle in babu wuta. Wanda ya ce zai fara kasuwa da safe ya yi barci da rana, a bazara zai tarar babu barcin. Mai dutin awa 8 ne kaɗai yake da zaɓi. Idan sana'arsa ta sammako ce, kamar saro kayan gwari a 'Yankaba, yana iya gamawa zuwa ƙarfe 9, ya kwanta zuwa Azahar, sannan ya cike ragowar tsakanin La'asar da Magariba da kuma bayan Isha'i kafin ya fita. Sharaɗin dai jimlar ta kai 7, kuma kada ya tuƙa kansa zuwa kasuwar.

Ɗakin ma sai an gyara shi. Rataya bargo ko baƙin ƙyalle a taga ya yi duhu, domin haske yana gaya wa jiki cewa lokacin tashi ne. Kashe ƙarar waya. Idan gidan haya ne mai yara da yawa, toshe kunne da auduga, ko ka nemi ɗakin wani ɗan'uwa da yake fita aiki da safe.

Abin da ya fi duhun ɗaki wuya shi ne mutane. Duk wanda ya gan ka a gida da rana ɗauka yake ba ka da abin yi. "Tunda kana gida, raka ni asibiti." "Tashi ka kai wannan saƙon." Ɗaurin aure, suna, kai amarya, duk da kai za a lissafa. Wannan sai ka zauna da mahaifiya ko maiɗaki da ladabi ka yi musu bayani sau ɗaya: "Daga safe zuwa Azahar shi ne darena. In ba rashin lafiya ko rasuwa ba, a taimaka a bar ni." Ka ɗora da cewa duk aiken da ake da shi a tara maka zuwa bayan Azahar, kuma ka cika. Idan suka ga kana cikawa, su da kansu za su riƙa korar masu sallama.

Goro, neskafe da ƙwaya

Goro da shayi da neskafe da lemukan ƙara kuzari duk sinadari ɗaya ne yake aiki a cikinsu, wato kafeyin. Ba ya biyan bashin barci, ɓoye shi kawai yake yi na ɗan lokaci. Kuma yana daɗewa a jiki, bayan kamar awa 5 rabinsa yana nan. Idan ka ci goro ko ka sha neskafe ƙarfe 5 na asuba don ka ƙarasa duti, shi ne zai hana ka barci ƙarfe 8, ka tashi a gajiye, daren gobe ka ƙara yawan abin da kake sha. Ka sha a farkon dare, ka tsaya daga ƙarfe 1 ko 2. Nauyin idon asuba kuma ka yaƙe shi da tashi tsaye, zagaya wurin da kake gadi, wanke fuska da zama a wuri mai haske.

Ƙwaya kuwa, ina roƙonku da girman Allah ku nisance ta. Da yawa daga cikin waɗanda tiramol ya kama ba don nishaɗi suka fara ba, don su iya aiki biyu suka fara. Wani abokin aiki ne zai ba ka guda ɗaya ya ce tana kashe gajiya. Bayan 'yan makonni guda ɗaya ba ta isa, in ba ka sha ba jiki ya ƙi motsi, sai kuma ka nemi wata ƙwayar da za ta sa ka barci da safe. Tiramol mai yawa yana sa mutum ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, ka yi tunanin hakan a gaban inji. Ribar sana'ar ranar gaba ɗaya a wurin mai sayar da ƙwaya za ta ƙare. Duk tsarin neman kuɗin da ba ya tafiya sai da ƙwaya, tsarin ne ya lalace, sai a rushe shi.

Alamomin da ke cewa ka rage

Jiki yana ba da sanarwa kafin ya kayar da mutum. Idan ka wuce wata mahaɗa a hanya ba ka tuna lokacin da ka wuce ta ba, ka yi barci a kan hanya ke nan. Idan da ka zauna ko'ina, a mota ko a masallaci ana huɗuba, kai yake faɗuwa, bashin ya yi yawa. Haka idan ka fara kuskuren canji, ko kana manta ko ka kulle get, ko ƙaramin abu yana sa ka faɗa da iyali, ko goron da kake ci ya ninka na da. A kamfani kuma, ranar da ka ga hannunka ya kusa shiga inji ba ka san yadda aka yi ba, kada ka ce tsautsayi ne ya wuce. Gargaɗi ne. Inji ba ya gajiya, ba ya kuma jiran wanda ya gaji, kuma yatsan da ya tafi babu diyyar da za ta dawo da shi.

Idan ka ga biyu daga cikin waɗannan a mako guda, ajiye sana'ar rana na kwana uku ka yi barci, sannan ka sake tsarin. Ranar hutunka ma kada ka cika ta da aiki tun daga safe, rabinta na barci ne. Kuma tunda an san daɗewa ana aikin dare tare da ƙarancin barci yana ƙara haɗarin hawan jini da ciwon suga, ka riƙa tsayawa a kemis ko asibitin unguwa ana auna jininka lokaci-lokaci. Idan ana samun 140 bisa 90 ko sama da haka a awo fiye da ɗaya, je ka ga likita, kada ka ce kai yaro ne.

Ka sa wa abin wa'adi

Haɗa aikin dare da neman rana ba zaman dindindin ba ne. Jikin ɗan shekara 25 yana ɗaukar abin da na ɗan 45 ba zai ɗauka ba. Tun ranar da ka fara, ka san inda ka dosa: sana'ar rana ta girma har ta ɗauke ka. Ma'aunin kuma a bayyane yake. Idan ribar da take kawowa, bayan an cire komai, ta kai albashinka wata shida a jere, kuma kana da ajiyar da za ta riƙe gida wata biyu, lokacin tafiya ya yi. Wata shida na ce, domin ciniki yana da kaka yana da rani, ribar watan azumi ko na Sallah kaɗai ba ta isa hujja ba.

Idan za ka tafi, ka tafi ta ƙofa. Ka ba da sanarwa da wuri, ka miƙa makullai da kayan aiki a gaban shaida, ka je ka yi wa wanda ya tsaya maka godiya. Kafin wannan ranar kuma, kada ka tura wani ya kwana a madadinka ba da sanin masu wurin ba, kada ka karɓi gadin rana a wani wuri ka haɗa da na dare, kada ka mai da ɗakin gadi wurin ramuwar barci. Dukiyar mutane da rayukansu aka ba ka amana, kuma albashin da kake karɓa na zama a farke ne.

Ƙannena, yau ɗin nan kafin ku tafi aiki, kowa ya ɗauki takarda ya rubuta awa 24 ɗinsa, ya fara cire 7 na barci, sannan ya nemi sana'ar da za ta shiga cikin abin da ya rage. Wadda ba ta shiga ba, a bar wa masu kwana a gida. Allah ya tsare ku a bakin aikinku, ya sa albarka a cikin abin da kuke nema.